Yadda ake lissafin kuɗin da kowane mai nema ke ci a tallan intanet, da adadin masu kaiwa ga biya

Masu sana'a da dama a Sakkwato sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: an zuba kuɗi a tallan Facebook da Instagram, saƙonni sun cika WhatsApp, waya ba ta hutawa, amma a ƙarshen wata ba a san ko an ci riba ko an faɗi ba. Abin da ke kawo haka shi ne, alƙaluman da Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ke nuna maka suna tsayawa ne a daidai inda mutum ya turo saƙo. Duk abin da ya biyo baya, ko mutumin da gaske yake, ko ya biya, ko ya tsere bayan ya ji farashi, yana cikin wayarka da asusunka na banki, kuma kai kaɗai za ka iya ƙirga shi.

Zan bi matakan da misali ɗaya har ƙarshe: mai sana'ar wankin esi na gidaje, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda ke karɓar oda ta WhatsApp, ya tura ma'aikaci gida. Alƙaluman da ke ciki na misali ne don lissafi ya fito fili, kai sai ka sa naka. Mai wanki da guga da ke zuwa ɗauka har gida, ko mai koyar da darasi ta waya, ko mai sa sola, duk hanyar ɗaya ce. Kayan aikin kuwa kyauta ne: Ads Manager na Meta inda ake sarrafa talla, WhatsApp Business, Google Sheets, da takardar shige da ficen kuɗi ta asusunka.

1. Yanke ma'anar abu biyu kafin ka kashe ko kwabo

Na farko, wane ne mai nema? Ba duk wanda ya turo saƙo ba. A misalinmu, mutum zai shiga wannan sahu ne idan ya cika sharaɗi uku: yana cikin yankin da ma'aikaci zai iya zuwa, ya faɗi abin da yake so da adadin na'urorinsa, kuma ya ci gaba da magana bayan ya ji farashi. Wanda ya rubuto "Slm" ya yi shiru, ko ya ce "nawa na?" aka gaya masa ya ɓace, ko ya rubuto daga Gusau ko Birnin Kebbi alhali ba ka zuwa can, wannan hira ce kawai. Haka yaron da ke neman a ɗauke shi koyon aiki, komai kyan niyyarsa.

Na biyu, mene ne oda tabbatacciya? A nan nake da tsauri: oda ta tabbata ne idan kuɗi sun shiga asusu, ko duka ko kafin alƙalami, kuma an sa ranar aiki. "In sha Allahu gobe zan turo" alkawari ne, kuma a garinmu mutum yakan faɗi haka don kara, ba ya son ya ce maka ya fasa. Mai wankin esi na misalinmu yana karɓar ₦12,000 kan kowace na'ura, da kafin alƙalami ₦3,000. Idan sana'arka ta biya bayan aiki ce, sai ka mayar da ma'aunin ya zama ranar da aka gama aikin aka karɓi kuɗi.

Gargaɗi: hoton rasit da aka turo maka ba shaida ba ce, haka ma saƙon alat. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin a zaune kafin ka rubuta. Kuma ka rubuta ma'anonin nan biyu a takarda ka ba duk mai amsa saƙo. Idan kai kana ƙirga da sharaɗi uku, ƙaninka da ke riƙe wayar da yamma yana ƙirga duk wanda ya yi sallama, lissafin ya lalace tun daga tushe.

2. Ba kowane talla alamarsa

Idan kana da talla biyu ko uku suna tafiya tare, dole ka san wanne ya kawo wa. Hanya mafi sauƙi ita ce saƙon da ke fitowa a rubuce da zarar mutum ya danna. Lokacin haɗa tallan da ke kaiwa WhatsApp, akwai wurin da ake gyara wannan saƙon a sashen `Message template`. Sa gajeriyar alama a ƙarshensa: talla na farko KA, na biyu KB. Mai karɓa zai ga "Ina son wankin esi KB", ya san daga inda mutumin ya fito.

Idan kuma a wani wuri za ka liƙa adireshin, kamar sitatus ko wajen wani mai mabiya da ka biya ya tallata maka, sai ka haɗa shi da kanka:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20wankin%20esi%20KC
```

Lambar tana farawa da 234, ba alamar tarawa, ba sifilin farko, ba tazara. `%20` shi ke tsayawa a madadin tazara tsakanin kalmomi. Gwada shi daga wayar wani kafin ka sake shi.

Wanda tallansa ke kai mutane shafin intanet mai fom, shi alamarsa a jikin adireshi take:

```
?utm_source=facebook&utm_medium=paid&utm_campaign=esi_bazara&utm_content=KB
```

Ka tsaya a kan salon rubutu ɗaya, domin Google Analytics yana ɗaukar `Facebook` da `facebook` a matsayin wurare biyu daban.

Gargaɗi: wasu za su goge saƙon su rubuta nasu, wasu kuma za su kwafi lambarka su kira kai tsaye, musamman dattawa da ba su son rubutu. Irin waɗannan a tambaye su cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a ina ka ga tallanmu, bidiyon ne ko hoton mai farashi?" Idan bai tuna ba, a rubuta masa alamar BS, wato ba a sani ba. Kada a cusa shi cikin tallan da ka fi so.

3. Buɗe littafin ƙirga

Buɗe shafi a Google Sheets, layi ɗaya ga mutum ɗaya, da ginshiƙai bakwai: A ranar saƙon farko, B lambar waya, C alamar talla, D unguwa, E mai nema, F oda, G kuɗin aikin. Ka ƙara H don ranar da aka biya. A ginshiƙan E da F lamba 1 ake sawa idan sharaɗi ya cika, 0 idan bai cika ba.

Dalilin raba E da F shi ne wani kuskure da ake yawan yi. Mutum ya buɗe ginshiƙi ɗaya na "matsayi", ya rubuta "mai nema", idan an biya ya goge ya rubuta "oda". Ranar lissafi sai masu nema su ragu, saboda mafi ingancinsu sun bar sahun, kuɗin kowane mai nema ya fito da tsada fiye da gaskiya. Wanda ya biya mai nema ne kuma mai oda ne, 1 a nan, 1 a can.

Don kama wanda ya shigo sau biyu, sa wannan a ginshiƙi na gefe ka ja shi ƙasa:

```
=COUNTIF(B:B,B2)>1
```

Duk inda ya nuna `TRUE`, lambar ta maimaita. Amma ba zai kama Hajiyar da ta fara tambaya da layinta, daga baya maigida ya biya da nasa ba. Wannan sai ta unguwa da kwatancen gida za ka gane, ka haɗe su layi ɗaya.

A cikin WhatsApp Business kuma ka yi amfani da `Labels` ko `Lists` wajen yi wa kowace hira alama yayin da ake amsawa, sannan da dare a kwashe zuwa littafin. Mintuna kaɗan ne idan kullum ake yi. Idan aka bari sai ƙarshen mako, za a koma cika shi da tunani, musamman saƙonnin murya da ba wanda zai sake saurara. Littafin nan yana ɗauke da lambobin mutane da unguwanninsu, saboda haka kada ka buɗe shi ga kowa, ka ba mai amsa saƙo kaɗai.

4. Ɗauko alƙaluman talla, amma na daidai

A Ads Manager, shiga `Columns`, ka zaɓi `Customise columns`, ka fito da `Amount spent`, `Link clicks` da `Messaging conversations started`. Ka duba su a matakin kowane talla, ba a dunƙule ba, kuma ka saita kwanakin su yi daidai da na littafinka.

Akwai tarko a nan. `Clicks (all)` ba shi kake nema ba, domin yana haɗawa da wanda ya danna alamar so, da wanda ya buɗe sharhi, da wanda ya leƙa shafinka. Idan ka raba oda da wannan adadin, sakamakon zai fito ƙasa ƙwarai, ka zargi tallan da bai yi laifi ba. `Link clicks` shi ne dannawar da ta nufi WhatsApp ko shafinka.

Shi kuma `Messaging conversations started` yana ƙirga duk wanda ya fara hira bayan aƙalla kwana 7 ba ku yi magana ba. Ma'ana tsohon kwastomanka da ya ga talla ya danna don ya gaishe ka, ko ya yi ƙorafin esinsa na ɗigar ruwa, shi ma an ƙirga shi. Bugu da ƙari, Meta kan jingina sakamako ga talla idan abin ya faru cikin kwana 7 bayan dannawa, ko kwana 1 bayan gani kawai. Shi ya sa adadinsu da naka ba za su taɓa zama ɗaya daidai ba. Ɗan bambanci ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa suna cewa 160 kai kana ganin 90 a littafi, to ko ba a rubuta kowa, ko lambar da aka haɗa da tallan ba ita kake dubawa ba.

5. Tara ainihin kuɗin da ya fita

`Amount spent` ba shi ne duk abin da ka biya ba. Tun 2022 Meta ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 kan tallan da ake biya daga Najeriya, kuma a rasit na sashen `Billing` ake ganinsa. Tallan ₦40,000 ya zama ₦43,000. Wanda ke biya da katin dala ya yi lissafi da nairar da ta fita daga aljihunsa ranar da ya sayi dalar, haɗe da cajin katin.

Sai kuɗaɗen da ke gefe: mai haɗa hoto da bidiyo, data, katin kira don bin masu nema, da ladan wanda ke kula da tallan idan akwai. Ni nakan ware su gida biyu. Wajen gwada talla da talla, kuɗin Meta da haraji kawai nake amfani da su. Wajen tambayar ko tallan gaba ɗaya yana biyan kansa, sai in haɗa komai.

6. Yi lissafin

Ƙa'idojin uku ne:

```
kuɗin mai nema = kuɗin talla ÷ masu nema
kason oda = oda ÷ Link clicks × 100
kuɗin oda = kuɗin talla ÷ oda
```

Adadin masu nema da na oda kuma littafin zai ba ka:

```
=COUNTIFS(C:C,"KB",E:E,1)
=COUNTIFS(C:C,"KB",F:F,1)
```

Mu ɗauka mai wankin esi ya saki talla biyu na mako 2 a watan Maris, lokacin da zafi ya fara kamawa. KA bidiyo ne mai kyau, ana wanke esi baƙin ruwa na zuba, ba a faɗi farashi ba, an ce kawai a tuntuɓe mu. KB hoto ne ba ado, an rubuta ₦12,000 ɓaro-ɓaro, da kafin alƙalami ₦3,000, aka lissafa unguwanni: Mabera, Arkilla, Gawon Nama, Runjin Sambo, Bado. Kowanne ya ci ₦40,000, wato ₦43,000 da haraji.

| | KA | KB |
|---|---|---|
| Dannawa | 800 | 400 |
| Hira | 160 | 80 |
| Masu nema | 40 | 50 |
| Oda | 8 | 20 |

Abin da allon Meta zai nuna a `Cost per result` shi ne ₦250 ga KA, ₦500 ga KB, domin ₦40,000 yake rabawa da adadin hira. Duk wanda ya tsaya nan zai kashe KB ya juye kuɗinsa cikin KA, yana murna ya samu mai araha.

Yanzu mu koma littafi. A KA, ₦43,000 a raba wa masu nema 40 ya ba da ₦1,075. A KB, ₦43,000 a raba wa 50 ya ba da ₦860. Tun a nan labari ya juya. Kason oda na KA shi ne 8 cikin dannawa 800, kashi 1 cikin 100. Na KB 20 cikin 400, kashi 5 cikin 100. Kowace oda ta ci ₦5,375 a KA, a KB kuma ₦2,150. Tallan da ya yi kama da mai tsada ninki biyu, shi ne mai kawo oda a ƙasa da rabin kuɗi.

Idan aka haɗa komai: talla ₦86,000, mai hoto da bidiyo ₦10,000, data da kira ₦4,000, jimla ₦100,000. Masu nema 90, kowanne ya tashi kusan ₦1,111. Oda 28 cikin dannawa 1,200, kusan kashi 2.3 cikin 100, kowace oda kusan ₦3,571. Lura da yadda wannan jimlar ta ɓoye bambancin da ke tsakanin tallan biyu. Shi ya sa ba a fara lissafi da ita.

Gargaɗi: waɗanda aka yi wa alamar BS ba sa shiga kason kowane talla. Ajiye su gefe ka dube su a jimlar ƙarshe kawai. Idan sun yi yawa har sun kusa kamo masu alama, matsalarka tana mataki na 2, koma ka gyara kafin ka yarda da kowane adadi.

7. Gano iyakar abin da za ka iya biya

₦860 tsada ne ko araha? Ba wanda zai amsa maka sai ribar aikinka. Daga ₦12,000, a ce ma'aikaci ya ɗauki ₦5,000, kuɗin mai ko keke ₦1,500, sinadarin wanki da sauran tarkace ₦1,500. Abin da ya rage ₦4,000 ne, kuma daga cikinsa za a biya talla.

KA yana sayo oda a ₦5,375 don a samu ₦4,000: faɗuwar ₦1,375 kan kowane aiki, alhali ma'aikata na ta zirga-zirga, kowa na ganin kasuwa ta buɗe. KB yana sayowa a ₦2,150, ya bar ₦1,850.

Daga nan za ka iya fitar da iyakar da ba za ka wuce ba:

```
iyaka = ribar oda ɗaya × (oda ÷ masu nema)
```

A KB, 20 cikin 50 ne suka biya, kashi 40 cikin 100, saboda haka iyakarsa ₦1,600, kuma yana biyan ₦860. A KA, 8 cikin 40, kashi 20 cikin 100, iyakarsa ₦800, yana biyan ₦1,075. Amfanin wannan iyaka shi ne tana ba ka ƙararrawa da wuri. Masu nema kan bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu, oda kuwa takan ja lokaci, don haka da ka ga kuɗin mai nema ya doshi iyaka ka san akwai magana tun kafin wata ya ƙare.

Na sauƙaƙa misalin da na'ura ɗaya a kowace oda. A zahiri gida ɗaya a Arkilla zai iya kiranka kan esi 4, kuɗin mota ɗaya. Oda ɗaya ce a ƙirga, amma ribarta ta fi. Wannan ne aikin ginshiƙin G: ka fitar da matsakaicin ribar oda ta kowane talla daban. Wani tallan odarsa kaɗan ce amma manyan gidaje yake kawowa. Akwai kuma masu cewa ai kwastoman zai dawo baɗi, don haka faɗuwar yau ba komai. Mai yiwuwa ne, amma ban yarda a sa shi cikin lissafi ba sai littafinka ya nuna mutum nawa suka dawo da gaske.

8. Nemo inda mutane ke zubewa

Kason oda ɗaya tak ba ya gaya maka abin da za ka gyara. Sai ka tsinka shi gaɓa uku: daga dannawa zuwa hira, daga hira zuwa mai nema, daga mai nema zuwa biya.

A misalinmu gaɓar farko ɗaya ce a duka biyun, kashi 20 cikin 100. Bambancin ya fara a ta biyu: KA 40 cikin 160, rubu'i kenan, KB kuwa 50 cikin 80, ya haura kashi 60. To laifin KA ba na WhatsApp ba ne, ba kuma na mai amsa saƙo ba, tunda mutum ɗaya ke amsa duka. Bidiyon ne ke jawo 'yan kallo, farashi kuma ya kore su. KB ya yi tankaɗe tun a waje, wanda ₦12,000 ta yi wa yawa bai ma danna ba.

Idan gaɓar farko ce ta yi ƙasa, duba ko dannawar kuskure ce, ko kuma shafinka na da nauyin buɗewa. Mai shafi ya gwada `Link clicks` da `Landing page views`. Idan tazarar ta yi faɗi, mutane suna gajiya kafin ya buɗe. Gwada shi da data a waya mai ƙaramin ƙarfi, daga wajen Kwannawa ko Dundaye, ba a ofis kan wayfai ba.

Idan ta biyu ce, je ka ginshiƙin unguwa. In ka ga Tambuwal, Illela, Gwadabawa sun yi yawa, ka zaɓi jihar Sakkwato ne gaba ɗaya maimakon birni, ko da'irar da ka zana ta yi faɗi. Dasa alama a tsakiyar gari ka rage kilomitocin zuwa inda ma'aikacinka ke iya kaiwa ya dawo da riba.

Idan ta uku ce, nan gida ne matsalar. Buɗe hirarraki 10 na waɗanda suka cika sharaɗi amma ba su biya ba, ka karanta da idonka. Yawanci za ka samu ɗaya cikin abubuwan nan: an bar saƙo tun azahar ba a amsa ba sai bayan isha'i, ko an turo lambar asusu mai sunan wani mutum daban da sunan sana'ar, mai biya ya ji tsoro, ko an ce masa sai nan da kwana 5 alhali ɗakinsa ba ya kwantuwa. Ba tallan da zai gyara waɗannan. Wani lokacin kira ɗaya ya isa: "Hajiya, ina wuni, kan maganar esin nan ne, gobe da hantsi ma'aikacinmu yana Mabera, mu sa ki?"

9. Lokacin rufe lissafi

Oda tana bin ranar da mutum ya fara turo saƙo, ba ranar da ya biya ba. Wanda ya danna ranar 12 ga wata ya biya ranar 27 da albashi ya shigo, na zagayen ranar 12 ne. A garin da ma'aikatan gwamnati ke da yawa cikin masu saye, wannan jinkirin ba ƙarami ba ne. Idan ka jingina shi ga makon da ya biya, makon farko zai yi kama da asara, na ƙarshe ya yi kama da abin al'ajabi, kuma duka biyun ƙarya ne.

Don haka bayan talla ya tsaya, ba shi kwana 7 kafin ka rufe. Bayan zagaye biyu ko uku, cire ginshiƙin A daga H ka ga kwana nawa mutanenka ke ɗauka, ka daidaita jiran da abin da ka gani. Wanda ya fasa aka mayar masa da kafin alƙalaminsa, koma ka mai da 1 ɗinsa na ginshiƙin F ya zama 0.

Kada ka yanke hukunci kan ƙananan adadi. Da oda 8, mutum biyu kacal za su ɗaga KA daga kashi 1 zuwa 1.25, su sauke kuɗin oda daga ₦5,375 zuwa ₦4,300. Tazarar da ke tsakanin kashi 1 da kashi 5 tana da faɗin da za a iya aiki da ita. Tsakanin 2.1 da 2.4 kuwa, a irin wannan girman, ba ka da abin faɗa tukuna, bar su su ci gaba. Kuma kada ka taɓa farashi, hoto da yanki a lokaci guda a tsakiyar zagaye. Canza abu ɗaya, ba shi sabuwar alama, ka rubuta ranar.

Gwaji kuma sai tsakanin tallan da suka yi tafiya a lokaci ɗaya. Kason da mai esi ya samu a Afrilu, ana tsananin zafi, ba za a auna shi da na Disamba ba, lokacin da hunturu ya sa kowa ya kashe na'urarsa. Haka makon da ke gaban Sallah, kuɗin mutane sun tafi ɗinki da cefane, da kuma azumi da lokutan amsa saƙo ke komawa dare. A saman kowane zagaye a littafin, rubuta watan da abin da ake ciki a gari, domin baɗi ka gwada Maris da Maris.

A misalinmu, matakin da ya dace shi ne a dakatar da KA yadda yake, a sake fitar da bidiyon da farashi da sunayen unguwanni a rubuce a jikinsa, a ba shi alamar KD, a gudanar da shi tare da KB na wasu mako 2 da kuɗi daidai wa daida. Kasafin KB kuma a ƙara shi kaɗan-kaɗan, ana duba kuɗin mai nema duk bayan kwana 3, domin masu esi a waɗannan unguwannin suna da iyaka, kuma idan `Frequency` ya fara hawa alhali masu nema na raguwa, mutane ɗaya ake ta nuna wa tallan.